Ɗakin Aladu a Ƙasar Zafi: Rufi Sama-sama, Bango Gajere, Daɓe Mai Gangare

Duk ranar Alhamis motoci kan cika kasuwar Katsit da ke gefen Kafanchan, a lodi aladu a nufi kudancin Nijeriya da su. Yawancin waɗannan dabbobi daga bayan gidajen talakawa suke fitowa, a ƙauyukan Kudancin Kaduna da Filato da Nasarawa, inda mace mai aladu biyar ko goma take biyan kuɗin makarantar yara da su. Haka abin yake a wajajen Numan da Zuru da Kudancin Gombe. Musulmi ba ya kiwon alade, ba ya cinsa, wannan sananne ne. Amma a waɗannan garuruwa da Hausa ake ciniki, da ita malamin gona yake bayani, kuma maƙwabcin da ba shi da ko alade ɗaya yana da ruwa da tsaki a yadda aka gina ɗakinsu, domin warin ba ya tsayawa a iyakar fili.

Wanda ya zaga irin waɗannan ɗakuna a watan Maris zai ga abu guda yana maimaituwa. An ja bulo har sama kamar ɗakin kwana, an bar 'yar taga, an kifa kwano dab da ka. A ciki aladu sun baje cikin kashinsu da fitsarinsu, baki buɗe, suna haki. Mai su zai ce ai alade ke nan, ƙazanta halinsa ne. A gaskiya laifin na ginin ne. Zafi da ƙazanta a ɗakin aladu matsala ɗaya ce, kuma wanda bai fahimci yadda suka haɗu ba zai ƙare da wanki safe da yamma, ɗakin kuma bai taɓa yin tsabta ba.

Abin da ya sa yake kwanciya cikin kashi

Alade ba ya yin gumin da zai sanyaya masa jiki. Ga kitse ya lulluɓe shi, ga huhunsa ƙarami idan aka gwada da girman jikinsa. Idan zafi ya dame shi, dabararsa ba ta wuce uku ba: ya yi haki, ya shimfiɗa jikinsa a kan wani abu mai sanyi, ko ya jiƙa fatarsa iska ta busar. Babban alade ya fi jin daɗi idan ma'aunin zafi yana wajen digiri 18 zuwa 24. A Kafanchan rana takan haura 30 a bazara, a Numan da Yola kuwa takan kai 40 har ta wuce. Ke nan tun kafin a aza bulo ɗaya, dabbar tana cikin yanayin da ya fi ƙarfinta.

Idan ya sami sarari da sanyi, alade da kansa yake raba ɗakinsa. Yakan zaɓi busasshen wuri ya mai da shi makwanci, ya riƙa zuwa can nesa, inda yake da laima kuma yake hango aladun maƙwabta, ya yi kashi da fitsari. Amma da zarar zafi ya yi yawa sai ya bar wannan tsari. Wuri mafi laima a ɗakin shi ne inda fitsari yake, sai ya je ya kwanta a nan, ya yi birgima don ya jiƙa fatarsa, ya koma yana kashi a makwancinsa na da. Don haka idan ka leƙa da azahar ka tarar da aladunka sun yi dumu-dumu, saƙon da suke ba ka shi ne zafi ya yi musu yawa.

Akwai wata hanyar ganewa da ba ta bukatar komai sai agogo. Ka tsaya ka kalli haƙarƙarin alade da ke kwance, ka ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Mai hutawa cikin jin daɗi yakan yi 20 zuwa 30 ko kusa da haka. Idan ya haura 50, zafi ya fara cinsa. Asarar ba ta zuwa da ihu. Cin abinci ne yake raguwa, sai wanda ya kamata a kai kasuwa a wata bakwai ya kai wata tara yana cin dusa. Uwa mai shayarwa nononta ya ragu. Namijin da ya sha zafi na 'yan kwanaki kuwa, maniyyinsa kan yi rauni har tsawon mako shida ko fiye, sai a yi ta barbara ba ciki, a ɗora wa matan laifi.

Bari mu gina guda ɗaya

Mu ɗauki mai kiwo a wajen Zonkwa da yake so ya riƙa turke aladu 40 har su kai kilo 90 zuwa 100. Zai yi ɗakuna huɗu a jere, kowanne faɗinsa mita 3, zurfinsa mita 4, aladu goma a ciki. Kowane alade ya sami murabba'in mita 1.2 ke nan. Littattafan ƙasashen sanyi sukan ba da ƙasa da haka, amma a can aladu suna son su manne da juna. A nan kowanne yana bukatar ya miƙe ƙafafu huɗu ya kwanta ta gefe ba tare da ya taɓa ɗan'uwansa ba. A gaban ɗakunan za a bar hanya mai faɗin mita 1.2 wadda baro zai bi da abinci. Duk ginin ya tashi mita 12 a tsawo, mita 5 da 'yan kai a faɗi.

Abu na farko shi ne inda ginin zai fuskanta, kuma wannan ba ya cin ko kwabo. A miƙe tsawonsa daga gabas zuwa yamma, dogayen ɓangarorinsa su kalli arewa da kudu. Ranar hantsi da ta la'asar, masu shigowa a kaikaice, sai su bugi gajerun bangayen ƙarshe kawai. Da tsakar rana kuwa, musamman a Maris da Afrilu, rana tana kusan tsaye a ka, rufi ya tare ta. Idan aka juya ginin, ranar la'asar za ta shiga kowane ɗaki ta gasa daɓen daidai lokacin da ya kamata ya fara hucewa, farar fatar aladun turawa kuma tana ƙuna da rana har ta yi ja. Akwai ƙarin riba. Iskar damina daga kudu maso yamma take kaɗawa, ta hunturu daga arewa maso gabas, duk biyun za su ratsa ginin ta buɗaɗɗun gefuna. Hadari mai iska kuwa, kowa ya sani daga gabas yake tasowa, don haka bangon gabas ne kaɗai za a ja har sama.

A zaɓi tudu-tudu inda ruwa ba ya kwanciya, a kuma lura kada a maƙale ginin a jikin katanga ko bayan rumbu, don iska tana bukatar hanyar shiga da ta fita. Mangwaro ko dogon yaro a yamma da ginin alheri ne, muddin an sassabe ƙananan rassan iska tana wucewa ta ƙarƙashi.

Rufi shi ne inda aka fi yin kuskure. Kwanon da ya sha ranar azahar ba ya taɓuwa da hannu, kuma zafin nan yana sauka kai tsaye a bayan dabba. Ga kuma zafin da su kansu suke fitarwa: alade mai kilo 90 yana fitar da wajen wat 200, wato ɗaki mai aladu goma tamkar an kunna dutsen guga biyu ne a ciki dare da rana. Iska mai zafi sama take tashi, aikin mai gini shi ne ya ba ta sarari da ƙofar fita. Saboda haka bakin rufin kada ya gaza mita 2.5 daga daɓe, idan da hali a kai shi 3. A yi shi mai fuska biyu da tsini sosai, a ƙololuwa a bar rata ta santimita 25 zuwa 30 a tsawon ginin gaba ɗaya, a kifa mata 'yar hula ta kwano a ɗage, yadda ruwan sama ba zai shiga ba amma iska za ta fice. Wannan rata tana aiki ko a ranar da ganye ba ya motsi, domin iskar da ta fita ta sama ita ke jawo sabuwa ta gefuna. Bakin rufin kuma ya zarce bango da mita ɗaya ta arewa da kudu, ya tare rana da feshin ruwa.

Jinkar ciyawa ta fi kwano sanyi nesa ba kusa ba, sai dai tana tara ɓeraye, tana tsoron wuta, kuma sai an riƙa sabunta ta. Wanda ya riga ya sayi kwano yana da mafita biyu masu sauƙi: ya shafa wa samansa farin fenti, ko ya shimfiɗa masa ciyawa ko zana a kai idan bazara ta kama, ya ɗaure da waya. A ganina tsayin rufi ya fi irin rufin muhimmanci. Kwano a mita 3 mai rata a ƙololuwa ya fi jinkar da mutum sai ya sunkuya zai shiga.

Bango kuwa aikinsa tsare alade ne kawai. Layi huɗu na bulo, wajen mita ɗaya, ya ishi aladun turke, namiji babba a ba shi layi biyar. Daga nan zuwa rufi a bar shi fayau, sai ginshiƙai. Idan ana tsoron ɓarayi ko tsuntsaye, a sa ragar waya. Amma akwai abin da ake mantawa: alade ba a tsayin mutum yake shaƙar iska ba. Kai da kake tsaye za ka ji iska tana kaɗa maka riga, shi da yake kwance a bayan bulo bai san ana yi ba. Don haka bangon baya, na kudu, a yi wani sashe nasa da rodi a tsaitsaye, ƙofofin gaba ma na rodi, iska ta bi ta kan daɓe. Ka durƙusa a cikin ɗakin, ka kai fuskarka daidai gwiwa. Idan zarni ya sa idonka yaji, ka san abin da dabbar take shaƙa wuni guda, kuma daga nan tari da ciwon huhu suke samun ƙofa.

Daɓe

A nan ne sauƙin wanki yake, a nan ne kuma birkila yake bukatar a tsaya a kansa. Alade yana tono da hanci, fitsarinsa kuma yana cin siminti. Daɓen da aka yi wa rowar siminti ba ya shekara biyu sai ya fara ramuka, kowane rami kuma ya zama matattarar fitsari da ƙwan tsutsar ciki. A daddaɓe ƙasa sosai, a jera duwatsu, sannan a zuba kankare mai kaurin santimita 10, a gauraya siminti kashi ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Ɗakuna huɗun nan murabba'in mita 48 ne, za su ci buhun siminti wajen 30, ban da hanya da kwata. Bayan an zuba a riƙa ba shi ruwa har mako guda, a rufe shi da buhuna, don kankaren da ya bushe da gaggawa a rana tsagewa yake yi.

Gangaren shi ne ginshiƙin aikin. Daga gaba, inda kwamin abinci yake, daɓen ya riƙa sauka zuwa baya da santimita 2 zuwa 3 a kowace mita. A zurfin mita 4, bayan ɗakin zai yi ƙasa da gabansa da santimita 8 zuwa 12 ke nan. Idan ya gaza haka ruwa zai kwanta, idan ya wuce da yawa aladu za su riƙa zamewa. Kada a yarda da awon ido. A kafa turaku, a ja igiya, a auna. Kuma kafin a sallami birkila a ɗauko bokitin ruwa a sheƙa a gaban kowane ɗaki: duk inda ruwan ya tsaya, nan fitsari zai riƙa tsayawa har ranar da aka fasa daɓen.

Sai fuskar daɓen. Birkila ya saba da goge ɗakin mutane da cokalin ƙarfe har ya yi sheƙi, kuma zai so ya nuna gwaninta. A hana shi. Daɓe mai santsi idan ya jiƙe yana tsage ƙafafun alade, babbar uwa takan faɗi ta kasa tashi. Mai kaushi da yawa kuma yana cinye kofato, yana goge gwiwar jarirai, ga riƙe datti. Abin da ake so shi ne a lallaɓe shi da katako kawai. Bangon ciki ne za a yi wa shafe mai santsi, a kuma cike kusurwar da bango ya haɗu da daɓe ta zama mai lanƙwasa, yadda tsintsiya za ta share ta tas. Katako a wurin da baki zai kai ba shi da amfani, za su gaigaye shi, kuma ba ya wankuwa.

Yanzu sai a yi amfani da halin dabbar. Tunda ta fi son yin kashi a wuri mai laima inda take ganin maƙwabta, sai a haɗa mata waɗannan a bayan ɗakin. Wurin shan ruwa ya kasance a can ƙasan gangare, domin alade yana ɓarnar ruwa, kuma idan ruwan yana gaba duk daɓen zai jiƙe. Shingen da ke tsakanin ɗaki da ɗaki a yi gabansa da bulo, mita ɗaya da rabi na baya kuma da rodi. Ranar da za a zuba sababbin aladu, a jiƙa bayan, a ajiye ɗan kashinsu a wurin, a barbaɗa abinci kaɗan a gaba. Galibi cikin kwana biyu sun gane. Daga nan aikin safe ya zama kwashe kashi da shebur daga kashi ɗaya cikin uku na ɗakin, a kora da bokiti biyu, makwanci kuma a bar shi a bushe.

Kwatar da za ta karɓi ruwan a waje za ta kasance, a bayan bangon kudu, kowane ɗaki da mafitarsa. Faɗinta santimita 30, gindinta a kwarkwashe kamar rabin bututu, a buɗe don tsintsiya ta shiga rana kuma ta busar. Ita ma da gangarenta: santimita 2 a kowace mita, wato a tsawon mita 12 ƙarshenta ya yi ƙasa da farkonta da santimita 24. Abin da bai kamata a yi ba ko kusa shi ne a huda bango ruwan ɗaki na ɗaya ya bi ta na biyu da na uku. Ana yin haka don a rage siminti, amma ita ce hanya mafi sauri ta raba cuta. Zazzaɓin aladu na Afirka, wanda ya ɓarke a Nijeriya a 1997 kuma ya yi mummunar ɓarna a gonar Oke-Aro da ke iyakar Legas da Ogun a 2020, ba shi da magani, kuma yana bin kashi da jini da takalmi da ragowar abinci. Gini ba zai hana shi shi kaɗai ba, amma ƙofar shiga guda ɗaya mai kwarmin maganin kashe ƙwayoyin cuta, da shinge da zai hana aladun gari matsowa, da ɗan ɗaki a can gefe inda sabon alade daga kasuwa zai yi wajen wata guda, suna rage haɗarin ƙwarai.

Kwatar ta ƙare a rami mai murfi, aƙalla mita 30 daga kowace rijiya, kuma a ƙasa da ita ta fuskar gangaren fili. Kashin da aka kwashe da shebur a tara shi daban a ƙarƙashin rumfa ya ruɓe, taki ne mai kyau ga masara da citta. Raba kashi da ruwa tun daga ɗaki shi ke rage wari da ƙudaje, kuma shi ke sa a zauna lafiya da maƙwabta. Ruwan da ke zubowa daga rufi kada a bar shi ya shiga wannan kwata, in ba haka ba ramin zai cika ya tumbatsa a watan Agusta.

Ruwan sha da na wanka

Alade mai turke yakan sha lita 8 zuwa 12 a rana, ya fi haka a bazara, uwa mai shayarwa kuwa takan haura lita 20. Aladu 40 na mai kiwonmu za su bukaci wajen lita 500 na sha kawai a ranar zafi, kafin a yi maganar wanki. Famfon tsotso da ake kafawa a bango ya fi kwami tsabta, a sa biyu a kowane ɗaki don kada babba ya tare. Sai dai baƙin tankin roba da aka ɗora a rana, da bututun da ya bi ta ƙarƙashin kwano, suna kawo ruwa mai ɗumi da azahar, alade kuma sai ya rage sha. A yi wa tankin rumfa, a binne bututun.

Masu kiwo da yawa suna gina kwarmin wanka a cikin kowane ɗaki, kuma aladu suna sonsa. Ni dai ina ɗari-ɗari da shi, domin kafin yamma ya zama romon kashi da suke sha daga ciki. Wanda zai yi shi, ya yi shi a ƙasan gangare, zurfinsa kada ya wuce santimita 20, da toshiya a gindi, a zubar a sake kullum. Idan ruwan yin haka babu, yayyafi ya fi. A jiƙa musu baya da butar ban ruwa sau biyu ko uku tsakanin azahar da la'asar, a bar su su bushe kafin a sake, domin bushewar ce take ɗauke zafin. Shi ya sa yayyafi a rufaffen ɗaki ba ya haifar da komai sai turiri, shi ya sa kuma ya fi aiki a busasshiyar iskar Maris fiye da lokacin da damina ta kankama. Wanda zafi ya riga ya kayar, a fara jiƙa masa ƙafafu da daɓen da yake kai a hankali, a yi masa fifita, kada a sheƙa masa ruwan sanyi gaba ɗaya.

Idan mai kiwon ya so ya mai da ɗaki ɗaya na haihuwa, zai gamu da wata matsala. Uwa tana son wajen digiri 20, jariranta a makon farko suna son 30 ko fiye, kuma a daren hunturu sanyi yana kashe su. Kuskure ne a toshe ɗakin saboda su, don uwar ce za ta daina ci. A bar ɗakin a buɗe yadda yake, a kafa akwati mai murfi a kusurwar gaba, da busasshiyar ciyawa da ƙofar da jarirai kaɗai za su shige, da ƙwan lantarki idan akwai wuta. A kewaye bango da bututun ƙarfe, santimita 20 zuwa 25 daga bango da kuma daga daɓe, don su sami mafaka idan uwar za ta kwanta. A gefen arewa kuma a rataya labulen buhuna ko tamfol, a sauke shi da dare a Disamba da Janairu, a naɗe shi da hantsi ya ɗaga.